Yadda Ake Haɗa Sabulun Ruwa Na Sayarwa

Wannan haɗin na lita 20 ne, na wanke-wanke da wankin hannu. A masu sayar da kemikal na kasuwar Sabon Gari ta Kano za ki samu kayan: naitrosol, soda ash, salfonik, tekzafon, kala, turare da maganin hana lalacewa. Ki sa safar hannu, ki yi aikin a tsakar gida, nesa da yara.

Ki fara zuba ruwa lita 10 a babban bokitin roba, banda na ƙarfe. Ki riƙa barbaɗa naitrosol gram 125 kina juyawa da muciyar da ba ta tuwo ba, har ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Nan ake yawan ɓata haɗi: in aka juye shi gaba ɗaya sai ya yi gudaji, kuma gudajin ba ya narkewa da daɗi.

A wani bokitin ki narka soda ash gram 250 a ruwa, ki zuba a kan naitrosol ɗin. Sai ki gauraya salfonik lita ɗaya da tekzafon, ki zuba kaɗan-kaɗan, kina juyawa a hankali don kada kumfa ta cika bokitin. Ki cike ruwan har haɗin ya kai lita 20, ki sa kala da turare da maganin hana lalacewa. Kada ki tsallake na ƙarshen nan, domin zafin Kano yana sa sabulu wari tun bai bar shago ba.

Ki rufe ya kwana. Da safe ki gwada a hannunki: in ya yi miki zafi, soda ta yi yawa, ki ƙara salfonik kaɗan kafin ki ɗura a robobi masu tsabta.