Yadda ake taƙaita doguwar hirar imel ga wanda aka saka a tsakiyar magana

A ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai mun shafe mako shida muna musayar imel da wani ɗan kwangila kan haƙa rijiyar burtsatse a tsohuwar firamarenmu. Saƙonni sun kai 37, sai aka naɗa sabuwar ma'aji. Sakatare ya saka adireshinta a Cc, ya rubuta mata: "Hajiya, ki duba ƙasa." Baiwar Allah ta karanta daga farko, ta ga naira miliyan 3.2, ta shirya biya a kan haka, alhali tun a saƙo na 22 kuɗin ya koma miliyan 3.8 saboda an ƙara famfo mai amfani da hasken rana. Tun daga ranar ga yadda nake yi.

Da farko ka karanta hirar da kanka, amma daga saƙon ƙarshe zuwa na farko. Abin da sabon mutum yake buƙata shi ne inda magana ta tsaya yau, kuma wannan a ƙarshe yake. Kana karantawa kana ware abu uku a takarda: abin da aka yanke, abin da ba a kai ga yankewa ba, da aikin da ke jiran wani. Duk inda adadi ko ranar wata ya canza, ka rubuta sabon tare da ranar da aka canza shi. Ka kuma leƙa akwatinka ko hirar ta rabu biyu, domin a Gmail idan wani ya canza abin da ke Subject, sai saƙonnin da suka biyo baya su buɗe tasu hirar daban.

Sai rubutu. Layin farko ya faɗi dalilin saka shi da abin da ake so daga gare shi. Ga wanda ya kamata a ce Hajiya ta samu:

"Assalamu alaikum Hajiya. Mun saka ki ne don ke za ki sa hannu a biya kashi na biyu, naira miliyan 1.5, kafin 20 ga Maris. Jimillar aikin miliyan 3.8 ne, za ki ga miliyan 3.2 a saƙonnin farko, an soke shi ranar 2 ga Maris. An riga an biya miliyan 1.9, an gama haƙa, saura tanki da famfo. Ragowar dubu 400 sai an ga ruwa ya zubo. Ba a yanke wanda zai biya kuɗin kewaye tankin ba, muna jiran amsar shugaban makaranta. Ga takardar farashi ta ƙarshe a haɗe."

Ka lura babu tarihin wa ya ce me. Gardamar da aka yi kwana huɗu kan girman tanki ba ta shiga ba, tunda an riga an daidaita. Amma tsohon adadin ya shiga, don za ta ci karo da shi, gara ta san matacce ne. Haka kuma kada ka rubuta "gobe" ko "mako mai zuwa", mai yiwuwa sai bayan kwana uku za ta buɗe saƙon. Idan mutanen da ke hirar baƙi ne gare ta, ƙara layi guda da ke faɗin aikin kowa.

Kafin ka tura, akwai wurin da mutane suka fi jin kunya. Idan ka danna Reply all ka ƙara sabon adireshi, tsofaffin saƙonni suna biye a ƙasa, a naɗe cikin ɗigo uku ɗin nan na Gmail. Buɗe su ka duba. Wataƙila a can wani ya taɓa cewa tsohon ma'aji ba ya riƙon amana, ko an saka lambar asusun wani. In akwai irin wannan, buɗe sabon saƙo kawai, ka kwafo abin da ya shafe ta.

Sannan Reply all ba ya ɗauko takardun da aka haɗa a saƙonnin baya, Forward ne yake ɗaukowa. Ni na fi son in sake haɗa takarda ɗaya ko biyu da ke aiki yanzu da hannuna, in bar tsofaffin, kada a sake biya da tsohon farashi.

Daga nan sai ka tura taƙaitawar a cikin hirar kowa na gani, in dai babu abin sirri, ka rufe da cewa: "In na yi kuskure a wani wuri, a gyara mini." Da muka yi haka daga baya, ɗan kwangilar ne ya amsa cewa ranar da ya yi alkawarin kawo tanki 25 ga wata ce, ba 20 da muka rubuta masa a taƙaitawar ba.