Yadda ake jona ƙarin fitila a mota da rile da fis

Abin da na fi gani wajen masu koyo shi ne su sa fis ɗin can kusa da fitila, wai ita yake karewa. Fis fa waya yake karewa. Ni ma na taɓa yin wannan shirmen, wayar ta yi ta gugar ƙarfen bodi har robarta ta cinye, ina cikin tafiya sai warin ƙuna da hayaƙi daga bonet, fis kuwa yana can gaba lafiyarsa ƙalau don wutar ba ta ma kai gare shi ba. To fis a gindin kan batir na fozitib yake zama, kada ya wuce taƙi ɗaya.

Fara da lissafi. A ce doguwar fitilar nan ce mai wat 120, raba da bolt 12, amfiya 10 ke nan take ja. Sa fis mai 15, waya kuma mai kaurin milimita sikwaya 2.5, ta jan ƙarfe zalla, ka bar mai arahar nan da roba ta fi zaren yawa. In fis ya yi ta ƙonewa kada ka ce bari in sa mai 30, akwai inda waya ke taɓa bodi, nemo wurin.

Cire nagetib ɗin batir tukuna. Rile wani makunni ne da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa, shi kuma ya sakar wa fitila babbar wuta daga batir. Juya rilen za ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa. Wayar da ta fito daga fis ta shiga 30, daga 87 kuma ta wuce fitila. 85 ka kai shi bodi, 86 shi ke karɓar wuta daga makunnin da ka sa a dashbod, kuma wutar makunnin ka ɗauko ta daga layin da sai an murɗa ki yake kawowa, in ba haka ba wata rana ka manta fitila a kunne ka wayi gari batir ya mutu. Wannan layin siririyar waya ta ishe shi, amma shi ma a ba shi ɗan ƙaramin fis. In rilen mai ƙafa biyar ne ka ƙyale ta tsakiya, 87a, ka jona nan fitila za ta kama tun ba ka taɓa makunni ba.

Nagetib ɗin fitila kuma a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a nesanta ta da salansa.

Mayar da batir ka kunna. Ka ji rile ya yi ƙas amma babu haske, duba babban fis da 30 da 87 da nagetib ɗin fitila. Ba ka ji komai ba, matsalar tana wajen makunni ko 85.