Darasi na 6: Maiƙon fuska a lokacin damina

A Damagaram mun fi sabawa da bushewar fata. Da hunturu kowa na neman basilin ko man kaɗe, kuma daidai ne. Matsalar ita ce mutane da yawa ba sa canza mai idan damina ta kankama. A Yuli da Agusta iska na ɗauke da laima, zufa ba ta saurin bushewa. Ita ma fata tana fitar da nata maiƙon, musamman a goshi da hanci da haɓa. Idan aka ƙara mai mai kauri, sai maiƙo da matacciyar fata su taru su toshe ƙofofin gashi. Baƙaƙen ɗigon da kike gani a hanci ba dauɗa ba ce. Maiƙo ne ya toshe ƙofa, iska ta mai da shi baƙi, shi ya sa dirza ba ta fid da shi.

Mu ɗauki misalin mai tuyar ƙosai a Birni. Tun asuba tana gaban kasko, hijabi ya rufe gefen goshinta, kafin hantsi fuska na ƙyalli. Tana wanke fuska sau biyar da sabulun wanki, sai fatar ta ɗaure tana zafi, ita kuma ta shafa basilin. Ƙuraje sai ƙaruwa suke.

Abin da ya kamace ta shi ne sabulu marar ƙarfi sau 2 kawai, safe da dare, da tafin hannu, ba da soso ba. Ruwan buta guda ya isa, ga shi ma alwala na ɗauraye fuska. Tsakanin haka, ta riƙa danna tsumma mai tsabta a fuska, kada ta goga. Mai kuwa ta nemi mai ruwa-ruwa. Ta gwada shi a bayan hannu: idan ya nutse cikin minti ɗaya ko biyu bai bar santsi ba, ya yi. Kamar ƙwayar wake ya ishi fuska duka. Man kitso kada ya sauko goshi, kuma a yawaita wanke hijabi.

Idan ɗigon bai ragu ba, ta je farmasi ta tambayi abin wanke fuska mai sinadarin salisilik, kashi 2 cikin 100. Ta fara da yau a yi, gobe a huta. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin canji. In fata ta fara saɓa ko raɗaɗi, ta rage. Man bilicin kuwa ta nisance shi, don da yawansu suna haddasa ƙuraje.

Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuya da baya daban ne, na zufa ne, iska da tufafin auduga suke so. Manyan ƙuraje masu ciwo ko mugunya kuma kada a matse su, sai an ga likita.