Yadda ake bin rukunin kaya da ranar ƙarewar wa'adi a shagon yogot da madara

Yawancin sababbin masu shago suna ɗauka cewa kayan da suka fara shigowa su ne ya kamata su fara fita. A shagon buhunan siminti wannan lissafi daidai ne. A shagon da ake sayar da yogot, madarar gwangwani da lemon kwali kuwa, yana jawo asara, domin katan ɗin da dila ya sauke maka jiya zai iya riga na makon jiya lalacewa, idan ya daɗe a sitonsa kafin ya iso gare ka. Ranar da ke jikin kaya ita ke yanke wanda zai fara fita, ranar shigowa shago ba ta da ta cewa.

Aikin yana farawa ne a bakin mota, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Kada ka bari yara su kwashe kaya zuwa sito kana can kana ƙirga kuɗi. A jikin kowane katan akwai abubuwa uku da hukumar NAFDAC ta wajabta a rubuta a kan abincin da aka ƙunshe: lambar rukuni, wadda galibi ake sa wa alamar BN, ranar da aka yi kayan, wato MFD, da ranar ƙarewar wa'adi, EXP ko BB. Duba katan-katan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Katan goma na kaya iri ɗaya daga mota ɗaya sukan zo da rukuni biyu ko uku a gauraye, kuma wanda ya duba na sama kaɗai ya rubuta rana ɗaya wa duka, ya riga ya ɓata littafinsa tun ranar farko. Buɗe katan ɗaya daga kowane rukuni ka gwada ranar da ke jikin robar da ta jikin katan, don akan sake zuba kaya a tsohon katan.

Ka kula da yadda aka jera ranar. Kayan da aka yi a Najeriya galibi rana suke farawa da ita, sai wata, sai shekara, don haka 03/04/26 na nufin 3 ga Afrilu. Wasu kayan waje wata suke sawa a gaba, sai ranar ta koma 4 ga Maris, kusan wata guda ke nan tsakani. In ka yi kokwanto, dubi ranar MFD ko wani katan mai lamba sama da 12, nan take za ka gane wane gurbi ne na wata. Kai kuma a littafinka rubuta sunan watan da harafi.

Littafin ba ya buƙatar ado. Babban littafi mai kwali ya isa, a raba shafinsa gida shida: sunan kaya, lambar rukuni, ranar shigowa, ranar ƙarewa, adadin da ya shigo, adadin da ya rage. Doka ɗaya ce ba a karya ta: kowane rukuni da layinsa. Idan aka rubuta "yogot, 300" a layi ɗaya, an san yawan kaya amma ba a san guda nawa ne ke dab da mutuwa ba. Mai kwamfuta zai iya yin haka a Excel, in ranar ƙarewa tana gidan D, wannan zai ba shi kwanakin da suka rage:

```
=D2-TODAY()
```

Ni dai littafi na fi yarda da shi a ƙaramin shago, domin yaron shago yana iya buɗe shi ko babu wuta.

Ga misali da lissafinsa. Yau 3 ga Maris, shago yana sayar da robar yogot 20 a rana. A firji akwai roba 60 da suka zo 24 ga Fabrairu, wa'adinsu 20 ga Maris. Jiya kuma an sauke roba 240 masu ƙarewa 12 ga Maris, an yi maka rangwame shi ya sa ka kwasa da yawa. Idan aka bi tsarin shigowa, guda 60 ɗin za su cinye kwana uku, sababbin su samu kwana bakwai kacal, daga 6 zuwa 12 ga wata. An sayar da 140, an zubar da 100. Idan aka sa masu ƙarewa 12 ga wata a gaba tun yau, suna da kwana goma, a sayar da 200, saura 40, su kuma guda 60 ɗin su jira har 13 ga wata babu abin da zai same su.

Lura cewa ko da aka yi daidai, roba 40 sun yi kwantai. Gaskiyar magana ma sun fi haka, domin mai saye da ya iya karatu ba ya ɗaukar yogot ɗin da zai ƙare gobe. Cire kwana biyu daga lissafin, sai ka ga 160 kawai za su fita, 80 suna cikin haɗari. Amfanin littafin ke nan: ka san da waɗannan 80 ɗin tun 3 ga wata, lokacin da za ka iya rage farashi kaɗan, ko ka ba maƙwabcin shago a kuɗin sari, ko ka kira dila ya canza maka. Ranar 11 ga wata babu mai karɓa. Wannan lissafin, kwanakin da suka rage sau cinikin rana, a bakin mota ya kamata a yi shi kafin a biya. Rangwamen da ke kan kayan da ba za su ƙare kafin ranarsu ba, dila ne ya sauke maka asararsa.

Sai jeri. Ɗauki maka mai kauri ka rubuta ranar ƙarewa da manyan lambobi a gefen katan ɗin da ke kallon ƙofa, don rubutun kamfani ƙanana ne kuma sau da yawa yana ɓoye a ƙasa. A sito, mai kusa da ƙarewa shi ne a sama kuma a bakin ƙofa. Kada a ɗora sabon rukuni a kan tsoho don kawai nan ne ake da wuri, babu yaron da zai sauke katan takwas ya ciro na ƙasa alhali mai saye yana jira. A firji da kanta ma haka: a fito da abin da ke ciki, a duba ranaku, mai nisan wa'adi ya koma baya. Yara sukan cusa sabo a gaba saboda ya fi sauƙi, kuma alamar ana yin haka ita ce ka miƙa hannu can ƙuryar firji ka ciro robar da littafi ya ce wa'adin rukuninta ya ƙare tun makon jiya. Firjin da ake buɗewa ta sama ya fi muni, na ƙasa yakan kwana biyu ba a gan shi ba, don haka sa kwando biyu a ciki, kada a taɓa na biyu sai na farko ya ƙare.

Ranar da ke jikin yogot an buga ta ne bisa sharaɗin yana cikin sanyi, wajen digiri 4 zuwa 5. In wuta ta ɗauke yini guda ba a tada janareto ba, a zafin watan Afrilu, ranar ta tashi daga aiki. Rubuta abin da ya faru a gaban rukunin da ke firji a lokacin, duba ko roba ta kumbura ko murfi ya ɗago. Gwangwanin madara da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki ana cire shi ko da saura shekara guda.

Ƙirga yogot kullum da safe rukuni-rukuni, madara da lemo sau ɗaya a mako, ka gyara adadin da ya rage. Abin da wa'adinsa ya wuce a fitar da shi daga firji a ranar, a sa shi a katan daban mai jan rubutu nesa da kanta, a rubuta lambar rukunin da adadin, don dilan da ke karɓar canji lambar zai tambaya.