Yadda Ake Taƙaita Huɗubar Juma'a Ba Tare Da Ƙarin Gishiri Ba

Idan an turo maka huɗubar liman a waya, aka ce ka taƙaita wa matan gida da waɗanda aikin gona ya hana zuwa masallaci, ga hanyar da za ka bi.

Da farko saurare ta gaba ɗaya, biro a ajiye. Liman kan kafa magana a huɗuba ta farko, ya cike ta bayan ya zauna ya miƙe.

A karo na biyu ka ɗauki takarda, kana tsayar da sautin kana rubuta kowace gaɓa da mintinta, bisa jerin da ya kawo su. Aya da hadisi ka kawo su yadda ya faɗa, da fassararsa.

Babban wurin zamewa shi ne nauyin hukunci. A ce liman ya ce, "An so a gaggauta fitar da zakkar gero da zarar an sussuke." Idan ka rubuta "jinkirtawa haramun ne", ka yi fatawa da bakinsa. "An so" daban, "wajibi" daban. Haka sharaɗi: in ya ce "ga wanda amfanin gonarsa ya kai nisabi", kada ka yar da wannan don neman gajarta, domin mai dami biyu zai ɗauka har da shi.

Inda lasifika ta yi ƙara, rubuta "ba a ji nan ba". Kada ka cike da zato.

Sai ka sake kunna sautin, ka bi rubutunka layi-layi. Duk jimlar da ba ka iya nuna mintinta ba, taka ce, goge ta. In da hali, kai wa liman ko na'ibinsa su duba kafin ka tura.