Akwatin `Negative prompt`: kurakuran da ke barin yatsa shida da narkakken rubutu a hoton talla

A ce ana haɗa hoton tallan turare da samfurin AI mai zana hoto Stable Diffusion 1.5 a manhajar AUTOMATIC1111: mace riƙe da kwalba, hoton fiksel 512 sau 512. Fuska ta yi kyau, amma yatsu shida ne, rubutun jikin kwalbar kuma kamar kitse a rana.

Kuskuren farko shi ne rubuta `no extra fingers` a akwatin sama, inda ake rubuta abin da ake so a zana. Manhajar ba ta cika gane korewa ba. Kalmar yatsu ta gani, sai ta ƙara mayar da hankali a kansu. Abin da ba a so akwatin ƙasa ake kai shi, wato `Negative prompt`, kuma ba a sa masa `no`. A manhajar zana hoto ta Midjourney kuwa `--no` ake amfani da shi.

Na biyu, kwaso jerin kalmomi ɗari daga wani wuri a zuba. Kowace kalma tana jan hoton zuwa wani gefe, har fata ta koma kamar roba, hannun bai gyaru ba. Gajere ya isa:

```
extra fingers, fused fingers, deformed hands, text, watermark
```

A daskare lambar `Seed`, wadda idan ta canza hoton gaba ɗaya ke canzawa, a riƙa canza kalma ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wadda ta yi aiki ba. A duba `CFG Scale` ma, ma'aunin yadda manhajar ke bin kalmomin da aka rubuta: idan yana kan 1, akwatin ƙasa ba ya tasiri ko kaɗan. Wajen 7 ake saba barinsa a wannan samfurin.

Babban kuskuren dai shi ne zaton kalmomi kaɗai za su gyara hannu. Manhajar tana zane ne a kan hoton da aka matse sau 8 ta kowane gefe. Hannun da faɗinsa fiksel 40 ne ya zama gurbi 5 kacal, ina wurin yatsu biyar da ratar da ke tsakaninsu? Don haka a tura hoton zuwa `Inpaint`, sashen sake zana wani ɓangare na hoto, a shafa hannun har wuyan hannu, a zaɓi `Only masked` domin a sake zana wurin da cikakken girma, a sa `Denoising strength`, ma'aunin yawan canjin da za a yi wa wurin, tsakanin 0.4 da 0.6. Ƙasa da haka yatsa na shida yakan tsaya. Sama sosai kuma riƙon kwalbar ya canza. In ya ƙi, a goge yatsan da hannu tukuna, sannan a maimaita.

Rubutu kuwa kada a ɓata lokaci a kansa. Wannan samfurin siffar haruffa yake kwaikwayo, ba ya harhaɗa kalma, balle ƙ, ɗ da ɓ. A sa `blank label` a sama, a bar `text` a ƙasa, kwalba ta fito fili, sannan a ɗora sunan kaya da farashi a GIMP ko Canva.