Me ya sa mutumin da ka liƙa a hoton dare yake fitowa kamar sitika?

An kawo min hoton dina da aka ɗauka da dare a ISO 6400, wai a saka yayar amarya da ba ta samu zuwa ba, ita kuma nata hoton na situdiyo ne, ISO 100, fes ba ko ɗigo. Kala ta dace, haske ya dace, amma kana kallo ka san liƙi ne, don kowa a wajen fuskarsa yashi-yashi ce, wato ɗigo-ɗigon da kyamara ke fitarwa in an ɗaga ISO a duhu, ita kaɗai ce sumul kamar an goge ta da man shanu.

Kuskuren farko, mutum ya yi ta aiki hoton na ɗan ƙarami a sikirin. Yashin ba ya nuna kansa sai ka ja zuwa 100%, ka sa kumatunta kusa da kumatun na gefenta ka gwada.

Na biyu shi ne gaggawar zuba yashi tun ba a gama daidaita girma ba. In ka zuba sannan ka ƙanƙance ta, yashin ya narke, in ka buɗa ta kuma ya zama manyan tabo. Fara gama girma, sai ka rage mata kaifi da Gaussian Blur na Photoshop, ni a wannan hoton 0.8 ya ishe ni, na bi da gashin idon ango na ga inda suka zo ɗaya. Bakin da ka yanke ma a tausasa shi, don babu abin da ke da baki kamar reza a hoton dare. Yashi shi ne ƙarshe.

Inda aka fi faɗawa shi ne wajen yashin kansa. A Photoshop, Add Noise ɗigo ƙanana masu kaifi yake bayarwa, na kyamara kuwa ya fi kauri da laushi. Buɗe sabon leya ka cika shi da 50% Gray, ka ɗaure shi da Clipping Mask don ya tsaya kanta kaɗai, ka sa Add Noise a Gaussian, sannan ka bi shi da Gaussian Blur kamar 0.4. Kar ka yi saurin danna Monochromatic, duba inuwar hoton tukuna, in akwai ɗigon ja da kore a ciki to naka ma sai da su.

Wajen Blend Mode na leyan yashin, da yawa Overlay suke zaɓa, ni ma haka na yi, sai na ga fuska ta samu amma baƙin gyalenta na nan sumul, ashe Overlay ba ya kama baƙi sosai, alhali a duhu ne yashin kyamara ya fi fitowa. Na koma Linear Light na yi ta rage Fill har gyalen ya yi daidai da baƙar hular mutumin bayanta, sai na sa Blend If na janye yashin kaɗan daga goshinta inda fitila ta buga.